Abin da lauya zai rubuta game da kansa, da inda doka ta ja masa layi

Lauya a Najeriya yana da damar tallata aikinsa. Sashe na 39 na ƙa'idojin aikin lauya, waɗanda aka fitar a 2007 kuma sabon zubinsu ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, ya yarda da hakan matuƙar tallar ta dace. Sai dai ya hana duk wata magana a kan ingancin aikin lauyan, ko girman ofishinsa, ko yawan nasarar da yake samu a kotu. Ya kuma hana kwatanta kai da wasu lauyoyi ko kushe su, da duk abin da zai iya yaudarar mai karatu.

Mu ɗauka wata lauya ce a Kano ta zauna rubuta bayanin kanta. Ga abin da ta fara rubutawa: “Gogaggiyar lauya, lamba ɗaya a shari'ar gado a Arewa. Cikin shari'o'i 50 mun ci 47. Ba ma jan ƙafa kamar wasu.” Babu jimlar da ta tsira a nan. Ta farko yabon inganci ce, ta biyu adadin nasara, ta uku kuma habaici ga abokan aiki.

Ta biyun ce mutane suka fi yi wa gardama. Sukan ce, to idan gaskiya ce fa? Ƙa'idar ba ta ce a guji adadin ƙarya kaɗai ba, ta hana ambaton adadin gaba ɗaya, kuma ina ganin daidai ta yi. Lauyan da ba ya karɓar shari'a sai wadda ya ga alamar ci, adadinsa zai fi na wanda yake tsaya wa masu rauni, alhali ba lallai ya fi shi iya aiki ba. Sannan a rikicin gado, sau da yawa aikin da ya fi kyau shi ne sulhun da ya hana 'yan'uwa kaiwa gaban alƙali, kuma wannan ba ya shiga lissafin ci ko faɗuwa. Matar da mijinta ya rasu, dangi suka riƙe mata gida, idan ta karanta “47 cikin 50” alkawari za ta ji an yi mata. Tana iya sayar da 'yan kunnenta ta biya kuɗin lauya a kan wannan fata, alhali hujjojinta ne da shaidunta za su yanke mata hukunci. Wannan matar ce ƙa'idar take karewa.

Ga yadda bayanin zai koma bayan gyara: “Lauya ce da aka rantsar a 2014, bayan ta yi digirin shari'a a Jami'ar Bayero. Tana aiki a fannin rabon gado da wasiyya, rikicin filaye da takardun mallaka, da rajistar kamfanoni. Tana tsayawa a kotunan shari'ar Musulunci da Babbar Kotun Jiha. Tana aiki da Hausa da Turanci. Mamba ce a Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, reshen Kano.” Sai adireshin ofis da lambar waya.

Kowace magana a ciki ana iya bincika ta. Makaranta da digiri, shekarar rantsarwa, muƙamin da aka riƙe, koyar da shari'a, zama mamba a ƙungiyar lauyoyi, duk suna cikin abubuwan da sashen ya lissafa cewa lauya zai iya bugawa a kundin sunayen lauyoyi. Wurin jero fannoni kuwa, kalmar da aka zaɓa ita ce komai. “Tana shirya takardun mallakar fili” bayanin aiki ne. “Tana ƙwato wa mutane filayensu” ya riga ya koma iƙirarin nasara, ko da babu adadi. Haka kalmomi irin su “gwana” da “ba ta da na biyu”, hukunci ne a kan inganci, gara a bar su. Muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, daban ne, domin ba mutum ke ba kansa ba, wanda aka ba shi zai iya rubutawa.

Sunayen waɗanda lauya ya yi wa aiki su ma abin taka-tsantsan ne, domin sashe na 19 ya wajabta masa riƙe sirrinsu. Hoton da aka ɗauka a harabar kotu ana murnar hukunci, idan lauya ne ya sa aka yaɗa shi dangane da shari'ar da ya yi, sashe na 39 ya sa shi cikin hanyoyin farautar aiki da aka hana, tare da rabon takardun talla da amfani da 'yan kamasho. Wanda ya karya waɗannan ana iya kai ƙararsa gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda yake da ikon gargaɗi, ko dakatarwa na wani lokaci, ko soke suna daga rajistar lauyoyi.