Lambar rediyon jirgin ruwa: me ukun farko ke faɗa game da tutarsa?

Malam, ina aika kaya daga Jidda zuwa Sawakin ta ƙasar Sudan. Wakilina ya ce jirgin na wani Balarabe ne, amma a manhajar bibiyar jirage na ga lambar MMSI ɗinsa ta fara da 636, ga tutar Laberiya a gefe. An yaudare ni ne?

Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan kaɗai ba ya nuna ha'inci. Lambar da ka gani mai alƙaluma tara ce, ita ce shaidar rediyon jirgin, da ita ake kiransa, da ita kuma na'urarsa ta AIS take sanar da inda yake. Ukun farko ana ce musu MID, kuma Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ce ke raba su ga ƙasashe. Shidan da suka rage, ƙasar da ta yi wa jirgin rajista ce take ba shi su tare da lasisin rediyo. To 636 na Laberiya ne, haka ma 637. Abin da lambar ta gaya maka shi ne takardun jirgin na Laberiya ne, dokarta ce a kansa. Ba ta ce komai ba game da mai shi, ko matuƙansa, ko inda ya dosa.

Ba sabon abu ba ne mutum yana zaune a Jidda ko Dubai ya yi wa jirginsa rajista a Laberiya, ko Fanama, ko Tsibiran Marshal, saboda sauƙin haraji da damar ɗaukar ma'aikata daga kowace ƙasa. Waɗannan ukun su ne manyan masu rajistar jirage a duniya. Jirgi zai iya tsufa yana zirga-zirga a Bahar Maliya da tutar Laberiya bai taɓa ganin gaɓar Monrobiya ba. Shi ya sa ma Fanama ta tara lambobi rututu, daga 351 zuwa 357, ga kuma 370 zuwa 374, alhali Saudiyya 403 kawai gare ta.

Ana iya gane yankin ba tare da an duba jadawali ba?

Ƙwarai. Lambar farko ita ke nuna nahiya: 2 Turai, 3 Arewacin Amurka da ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, 4 Asiya, 5 kudu maso gabashin Asiya da yankin Ostireliya, 6 Afirka, 7 Kudancin Amurka. Mai hulɗa da tashar Jidda zai fi cin karo da 403 na Saudiyya, 662 na Sudan, 622 na Masar, 470 da 471 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da 538 na Tsibiran Marshal. Najeriya 657 ce. Nijar ma, da ba ta da teku, tana da nata, 656.

Akwai tarkon da mutanenmu na Sudan suka fi faɗawa. Mutum ya ga lamba ta fara da 249 sai ya ce jirgin gida ne, domin da 249 yake kiran 'yan uwansa a waya. A teku 249 na Malta ne. Haka ɗan Najeriya in ya ga 234, wannan jirgin Birtaniya ne. Lambobin kiran waya daban, na jirage daban, duk da hukuma ɗaya ce ke raba su.

Na ga wasu lambobin da suka fara da sifili biyu, wasu da 99. Wace ƙasa ce wannan?

Ba ƙasa ba ce, kuma ba jirage ba ne. Dokar "duba ukun farko" tana aiki ne kawai idan lambar ta fara da 2 zuwa 7. In ta fara da 00, tashar rediyo ce ta bakin teku, lambar ƙasar tana biye da sifilan: 00403 tasha ce ta Saudiyya. Sifili ɗaya na kiran rukunin jirage ne gaba ɗaya. In ta fara da 99, alamar hanya ce, irin fitilar da ke nuna mashigar tasha ko wurin duwatsun ƙarƙashin ruwa, waɗanda gaɓar Jidda da ta Sawakin ke cike da su. 111 jirgin sama ne na ceto, 98 kuma ƙaramin kwalekwale ne da ke ƙarƙashin babban jirgi. Wadda ta fara da 970, 972 ko 974 na'urar neman agaji ce, kuma lambobin da ke biye ba su nuna ƙasa ko kaɗan. Matuƙin da ya ga 972 a allonsa ya san alama ce ta mutum ya faɗa ruwa.

To ta yaya zan tabbatar jirgin da nake bi a waya shi ne mai ɗauke da kayana?

Nan ne aikin yake, kuma a ganina bai kamata ɗan kasuwa ya dogara da MMSI kaɗai ba. Lambar tana bin tuta ne. Ranar da aka sayar da jirgi, aka cire shi daga rajistar Laberiya aka kai shi ta Saudiyya, 636 ta tafi, sabuwa mai farawa da 403 ta zo, sau da yawa har da sabon suna. Wadda ba ta canzawa ita ce lambar IMO, mai alƙaluma bakwai, wadda ke bin gangar jirgin tun daga ƙira har ranar da za a farfasa shi.

Mu ɗauki naka. Ka duba sunan jirgin a takardar lodi, ka nemi wakilinka ya ba ka lambar IMO, ka bincika da ita maimakon suna, domin jirage da yawa suna cin suna ɗaya. In ya fito, ka haɗa abu uku: suna, IMO da MMSI. Sannan ka dubi nau'insa da tsawonsa. In an ce maka jirgin ɗaukar motoci da fasinja ne amma allo ya nuna tankar mai, ba shi ba ne. Ka dubi lokacin da aka ga siginarsa ta ƙarshe. In watanni sun wuce, mai yiwuwa tsohuwar lambarsa kake bi, ya riga ya sauya tuta. Idan duk sun dace, kuma hanyarsa ta nuna ya bar Jidda ya nufi kudu maso yamma, to 636 ɗin ba abin damuwa ba ne.

Ka kuma sani cewa tutar da manhaja ke nuna maka, yawanci daga waɗannan ukun farko take ciro ta. Saƙon AIS ba ya ɗauke da sunan ƙasa. Lambar kuwa mai haɗa na'ura ne ya shigar da ita da hannu, kuma ba ta da wani lissafi a jikinta da zai tona kuskure. In ya buga 663 a maimakon 636, jirgin Laberiya ya zama na Sanagal a allon kowa. In jirage biyu suka yi amfani da lamba ɗaya, za ka ga jirgi yana tsalle a taswira, yanzu yana Bahar Maliya, anjima yana wata tekun. Akwai kuma masu sa lambar ƙarya da gangan don ɓoye inda suka yi lodi.

Wani lokaci lamba kawai nake gani, babu suna.

Saƙon da ke faɗin inda jirgi yake yana fita duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 in yana tafiya, kuma MMSI kaɗai ke jikinsa a matsayin shaida. Suna da IMO da inda aka dosa suna zuwa ne a wani saƙon daban, duk minti 6. Ka ɗan jira.

In jirgi ya sauya tuta aka manta ba a gyara lambar ba fa?

Wannan ya wuce batun kaya, ya taɓa rai. Rediyon jirgi yana da maɓallin neman agaji da ke aika MMSI ta zangon rediyo mai lamba 70, kuma na'urar EPIRB da ke kai kuka ta tauraron ɗan'adam ita ma tana ɗauke da lambar ƙasa. Masu ceto da ita suke neman hukumar da ke riƙe da bayanan jirgin da lambar wayar masu shi. In tsohuwar lamba ce a ciki, za su tuntuɓi ƙasar da ta riga ta goge jirgin daga littafinta, lokaci yana tafiya. Don haka ranar sauya tuta dole a sake shigar da sabuwar lamba a rediyo, da AIS, da EPIRB, kowanne daban, kuma masu binciken jirage a tasha suna gwada su da abin da ke rubuce a lasisi.