Ma'anar "tabbaci mai mataki biyu", da ƙofar da ba ya tsarewa

Tabbaci mai mataki biyu, wanda Google ke rubutawa a allo da sunan 2-Step Verification, shi ne a nemi shaida iri biyu kafin a bar mutum ya shiga asusunsa. Ta farko abin da ka sani ne, wato kalmar sirri. Ta biyu abin da ke hannunka ne: wayarka, ko lambar da ta fito a cikinta, ko wani ɗan makulli da ake sokawa a kwamfuta. Ɓarawo zai iya samun kalmar sirrinka yana zaune a wata ƙasa, amma samun wayar da ke aljihunka wani aiki ne daban. Tun ranar 1 ga Nuwamba 2021 YouTube ta wajabta shi ga duk mai tashar da ake biya kuɗi.

Shaidar ta biyun ba ƙarfinta ɗaya ba. Mafi rauni ita ce lambar da ake turowa ta saƙon tes, domin layin waya ba naka ba ne kai kaɗai. Wani zai iya zuwa da bayananka a sake masa layinka a sabon sim, kuma layin da ka daɗe ba ka amfani da shi kamfani na iya sake sayar da shi ga wani. Manhaja irin Google Authenticator ta fi aminci, don ita ke samar da lamba mai alƙaluma shida a cikin wayar kanta, tana sauya ta duk bayan daƙiƙa 30, ko da babu sabis. Sai dai ita ma ana iya yaudarar mutum ya rubuta lambarta a shafin bogi, ɓarawo ya ɗauka ya yi amfani da ita nan take. Makullin tsaro da abin da ake kira Passkey, wato shaidar da ke ajiye a na'urarka wadda kake buɗewa da zanen yatsa ko lambar kulle allo, su ne suka toshe wannan kafa, saboda suna duba adireshin shafin da kansu. In ba na Google na gaskiya ba ne, ba za su amsa ba, komai kamar da shafin ya yi.

To amma akwai wurin da duk waɗannan ba sa kaiwa, kuma nan ne masu tashoshi da yawa ke faɗawa.

Duk wanda ya taɓa ajiye babur a bakin kasuwa ya san ɗan katin nan mai lamba da ake ba shi. In ka dawo, mai gadi ba ya tambayar sunanka ko takardun babur. Katin yake dubawa. Haka shiga asusu yake. Da zarar ka ba da kalmar sirri da shaida ta biyu, sai a ajiye wata 'yar alama a cikin burauzarka, masu fasaha na ce mata kuki, wadda ke cewa an riga an tantance wannan mutum. Ita ce dalilin da ya sa gobe in ka buɗe YouTube ba a sake tambayarka komai. Wanda ya kwafi wannan alama ya sa a tasa burauzar, to ya shigo da katinka, mai gadi kuwa ba shi da dalilin tsayar da shi.

Abin da ya faru da tashar Linus Tech Tips ta ƙasar Kanada ke nan a watan Maris na 2023, lokacin tana da mabiya sama da miliyan 15. Mutane ne da sana'arsu ita ce bayani kan kwamfuta, kuma tabbaci mai mataki biyu na kunne. Wani ma'aikacinsu ya samu saƙon imel mai kama da tayin talla daga kamfani, ya sauke fayil ɗin da ya zaci takardar yarjejeniya ce, ya buɗe, bai ga komai ba, ya ci gaba da aikinsa. Ashe muguwar manhaja ce, ta kwashe bayanan burauzarsa har da alamar shiga. Cikin dare aka sauya wa tashar suna zuwa Tesla, kamfanin motocin attajiri Elon Musk, aka ɓoye bidiyoyinsu, aka fara watsa hoton Elon Musk kai tsaye da damfarar kuɗin kirifto. Ƙananan tashoshinsu biyu, Techquickie da TechLinked, su ma abin ya shafe su. YouTube ta rufe tashoshin, sannan ta maido musu da su cikin kusan kwana guda. Abin da ya fi ba su wahala shi ne mutane da yawa ke da ikon shiga, sai da aka sha nema kafin a gano ta hannun wa aka shigo. Ba kuma a kansu aka fara ba: a Oktoban 2021 masu binciken tsaro na Google sun ba da rahoton irin wannan tarko na tayin talla, suka ce sun ƙwato asusu kusan 4,000 da aka sace ta haka.

Ni a ganina, mai tasha ya fi bukatar ya yi zargin saƙon da ke faranta masa rai fiye da wanda ke tsorata shi. Tayin kuɗi mai tsoka, da gaggawar a amsa yau, da fayil a ƙunshe wanda aka kulle da kalmar sirri aka rubuto maka ita a cikin saƙon, waɗannan alamu ne. Ana kulle shi ne don kada manhajar kariya ta leƙa ciki. Ka sa kwamfutarka ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, wanda a Windows ake kunnawa ta File name extensions, domin takarda ba ta ƙarewa da .exe ko .scr, ko da hotonta na PDF ne. In da hali, na'urar da ake buɗe saƙonnin baƙi ta zama daban da wadda ake shiga tasha da ita. Kuma mai tace maka bidiyo ba ya bukatar kalmar sirrinka. A YouTube Studio, ƙarƙashin Permissions, za ka iya ba shi matsayin Editor da nasa asusun, ka cire shi ranar da kuka rabu.

Sai hanyar dawowa, wadda ake tanada tun kafin a shiga matsala. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma, Backup codes, kowace mai alƙaluma takwas, kuma sau ɗaya ake amfani da kowace. A rubuta su a takarda a adana inda ake adana takardun gida, kada a bar hotonsu a wayar da za a iya ƙwacewa. Lambar waya da imel na farfaɗo da asusu su zama waɗanda kake dubawa yanzu, kuma imel ɗin ya kasance da nasa tsaron, don wanda ya kama shi ya kama hanyar shiga tasharka.

In ka ga bidiyon da ba kai ka ɗora ba, ko saƙon cewa an sauya lambar farfaɗowa, kada ka yi gyara a kwamfutar da kake zargi, domin sabuwar kalmar sirrin ma za a kwashe ta. Cire ta daga intanet, ka ɗauki wata na'ura, ka shiga myaccount.google.com, ka sauya kalmar sirri, sannan a ƙarƙashin Your devices ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba, wanda hakan ke kashe katin da ɓarawo ya riƙe. In har an riga an kulle ka waje, je ka g.co/recover da wayar da ka saba shiga da ita, a wurin da ka saba, domin Google na la'akari da hakan wajen yarda cewa kai ne mai asusun. Kwamfutar da ta kamu kuwa, a wanke ta gaba ɗaya a sake ɗora mata Windows kafin a ƙara shiga tasha da ita.