Gwajin Taurin Ƙarfe da Alaƙarsa da Ƙarfin Jure Ja

Gwajin tauri hanya ce ta auna yadda ƙarfe ke turjewa idan aka danna masa wani abu da ya fi shi tauri. A masana'antu ana yawan amfani da sakamakonsa wajen ƙiyasta ƙarfin jure ja, wato iyakar jan da ƙarfe zai iya ɗauka kafin ya tsinke. Gwajin ja na ainihi sai an yanko samfuri an ja shi har ya katse, shi kuwa gwajin tauri ɗan gurbi kawai yake bari a jikin kayan.

Cikin hanyoyin da ake bi, ta Brinell ce ta fi dacewa da wannan ƙiyasi. Injiniya Johan August Brinell ɗan ƙasar Suwidin ne ya fito da ita a 1900. Ana goge fuskar ƙarfen ta yi sumul, sannan a danna mata ƙwallo mai faɗin milimita 10 da nauyin kilo 3000 na daƙiƙa 10 zuwa 15. Idan an ɗaga, sai a auna faɗin gurbin da madubin ƙara girma, tsaye da kwance, a ɗauki matsakaicinsu. Gurbi ƙarami yana nuna ƙarfe mai tauri. Lambar taurin ita ce nauyin da aka ɗora a raba da girman farfajiyar gurbin:

```
HB = 2F / (πD(D − √(D² − d²)))
```

A nan HB ita ce lambar Brinell, F nauyi ne da kilo, D faɗin ƙwallo, d faɗin gurbi, dukansu biyu da milimita. Akwai kuma hanyar Rockwell mai auna zurfin gurbi, da ta Vickers mai amfani da tsinin lu'ulu'u, kuma akan mayar da lambobinsu zuwa na Brinell ta jadawali.

Ga ƙarfe na yau da kullum mai sinadarin kabon, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a ninka lambar Brinell da 3.45, a sami ƙarfin jure ja da ma'aunin MPa, wato megapascal, wanda ake auna matsi da shi. Alaƙar tana da tushe. Kafin ƙwallon ya nutse sai naman ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya lotsa ya gusa gefe, kuma irin wannan gusawar ce ke faruwa a cikin ƙarfen da ake ja. Sai dai a ƙarƙashin ƙwallo ƙarfen da ke kewaye yana tokare wanda ake dannawa, shi ya sa matsin da ake buƙata ya kai kusan ninki uku na ƙarfin jure ja.

A ɗauki sandar ƙarfe da aka gwada, gurbin ya fito milimita 4.0. Lissafi zai ba da HB 229, idan aka ninka da 3.45 a sami kusan MPa 790. Jadawalin ISO 18265, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta mayar da tauri zuwa ƙarfin jure ja, yana ba da kusan 770 ga irin wannan tauri, kuma wannan ratar kaɗai ta isa ta nuna cewa ƙiyasi ake yi. Da mai awon ya karanta 4.1, lambar za ta sauka zuwa 217, ƙarfin kuma ya koma kusan 750. Kuskuren da bai wuce kaurin takarda ba ya kawo bambancin MPa 40. Saboda haka bakin gurbin dole ya fito tsaf. Tsatsa ko karce suna ɓata shi. Haka kuma idan samfurin ya cika siriri har tabo ya bayyana a bayansa, ko gurbin ya matso baki ƙarfen ya kumbura, ba a karɓar wannan awon.

Babban abin da ke rusa ƙiyasin shi ne ƙarfen da fatarsa ta bambanta da cikinsa. Haƙoran giyar inji da aka taurara samansu za su nuna lamba mai yawa alhali cikinsu da laushi. Rodin gini na zamani ma haka yake: ana watsa masa ruwa yana fitowa da zafi daga injin murzawa, sai bayansa ya taurare, tsakiyarsa ta tsaya da laushi. Danna ƙwallo a bayan irin wannan rodi ba zai faɗi ƙarfinsa duka ba. Akasin haka na faruwa ga ƙarfen da ya daɗe a wuta har kabon ɗin samansa ya ƙone, inda fatar ke nuna laushin da babu shi a ciki. Ƙarfen zubi mai launin toka kuwa yana da tauri amma yana saurin tsagewa idan an ja shi, don haka ninkin 3.45 zai yi masa ƙari sosai. Tagulla da alminiyam ma nasu jadawalin daban ne.

Lambar tauri ba ta faɗin iyakar da ƙarfe zai fara miƙewa ba komawa, ko yawan miƙewar da zai yi kafin ya katse, ko yadda zai jure duka. Ta dace da tantance kayan da suka gauraye a sito da duba ko aikin wuta ya yi daidai. Inda za a ɗora nauyin gini ko gada, injiniya yana neman takardar gwajin ja na samfurin da aka yanko daga kayan.