Ma'anar aiganbalu da aiganfanshin idan sharuɗɗan bakin iyaka biyu suka bambanta

A ɗauki sandar ƙarfe mai tsawon L, wadda aka tsoma bakinta na hagu cikin ƙanƙara don zafinsa ya tsaya a sifili, aka kuma naɗe bakinta na dama da abin da ke hana zafi fita. Idan aka raba abin da ya shafi lokaci da abin da ya shafi wuri a lissafin yaɗuwar zafi, sai a samu y'' + λy = 0, inda y ke nuna yadda zafi ya kasance a kowane wuri x na sandar, λ kuma lamba ce da ba ta canjawa, tare da sharuɗɗa biyu, wato y(0) = 0 da y'(L) = 0. Na farko yana magana ne a kan ƙimar y kanta, na biyu kuwa a kan gangararta, shi ya sa ake kiran su gaurayayyun sharuɗɗa. Kowace λ aka ɗauka, y = 0 amsa ce, amma amsa ce maras amfani. Aiganbalu ita ce duk λ da ke ba da amsar da ba sifili ba ce a ko'ina, amsar kuma ita ce aiganfanshin. Irin wannan matsala tana cikin waɗanda Sturm da Liouville suka nazarta a shekarun 1836 da 1837.

Tun da ba a san λ ba tukuna, dole ne a gwada ta a matakai uku. Idan λ = 0, amsar miƙaƙƙen layi ce, y = Ax + B, sharaɗin hagu ya kashe B, na dama ya kashe A. Idan λ tana ƙasa da sifili, a rubuta λ = −μ², sharaɗin hagu ya bar y = B sinh(μx), na dama ya buƙaci Bμ cosh(μL) = 0, kuma tun da cosh ba ya taɓa zama sifili, B ce za ta zama sifili. Bai kamata a tsallake matakin sifili da sunan cewa kullum ba ya ba da komai ba, domin da a ce bakin sandar biyu duka an naɗe su, λ = 0 aiganbalu ce sosai.

Aikin yana wajen λ = μ², inda y = A cos(μx) + B sin(μx). Sharaɗin hagu ya tilasta A = 0. Gangarar abin da ya rage ita ce Bμ cos(μx), saboda haka sharaɗin dama ya zama Bμ cos(μL) = 0. Ba mu son B ta zama sifili, μ ma ba sifili ba ce, don haka cos(μL) ne zai zama sifili, abin da ke faruwa kawai idan μL ya kasance π/2, 3π/2, 5π/2, da sauransu. Sakamakon shi ne λₙ = ((2n − 1)π/2L)² da yₙ = sin((2n − 1)πx/2L), inda n ke farawa daga 1. B kuwa ba ta da ƙayyadaddiyar ƙima, domin aiganfanshin ko an ninka ta da wata lamba tana nan a matsayinta.

Idan L = 1, ukun farko sun kai kusan 2.47 da 22.21 da 61.69. Da a ce bakin biyu duka suna cikin ƙanƙara, ta farko za ta zama π², kusan 9.87, wato ninki huɗu daidai. Tun da wannan ƙaramar aiganbalu ce ke nuna saurin hucewar sanda bayan an ɗan jima, sandar da aka naɗe bakinta ɗaya tana ɗaukar ninki huɗu na lokacin kafin ta huce, tamkar dai sanda mai tsawon 2L ce da bakunanta biyu ke cikin ƙanƙara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya rubuta sin(nπx/L) daga hadda. Gane shi ba wuya: gangarar sin(πx) a x = 1 ita ce −π, ba sifili ba, saboda haka sharaɗin dama ya karye. Haka nan idan aka juya sharuɗɗan, suka zama y'(0) = 0 da y(L) = 0, aiganbalu ba sa canjawa, amma cos ne ke maye gurbin sin.

Lamarin yana ƙara tsauri idan bakin dama yana sakin zafi cikin iska a hankali, misali y'(1) + y(1) = 0. A nan ana samun tan μ = −μ, wanda ba shi da amsa a rufaffiyar siga, sai dai a zana ɓangarorin biyu a ga inda suka haɗu, ko a bi hanyar Newton. Mahaɗin farko ya faɗo kusan μ = 2.029, wato λ kusan 4.12, wadda take tsakanin 2.47 da 9.87 kamar yadda ya dace da bakin da bai rufe gaba ɗaya ba, bai kuma tsaya a sifili ba. Na biyu kusan 4.913 ne, kuma yayin da n ke girma, μₙ yana matsowa kusa da (2n − 1)π/2 daga sama.