Waiwaye: daga laƙabin da gari ke bayarwa zuwa sunan da ake bincikawa a waya

A da mawaƙi ba ya zama ya zaɓar wa kansa suna. Jama'a ke raɗa masa, ya so ko ya ƙi. Ibrahim Narambaɗa daga sunan karyarsa, Rambaɗa, laƙabin ya bi shi. Adamu Wayya kuwa maraici ne ya sa aka kira shi Ɗan Maraya, aka liƙa masa Jos a ƙarshe. Wannan liƙa sunan gari shi ne rajistar wancan zamanin: in an sami masu laƙabi ɗaya, sai a ce na Garwa ko na Marwa, magana ta ƙare. Mai rubuta waƙa da ajami shi kuma yakan sa hannu a baitocin ƙarshe, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu.

Zuwan rediyo da kaset ne ya sa suna ya fara yin tafiya ba tare da mai shi ba, amma ko a lokacin mai shagon kaset a kasuwa ya san muryar kowa, ba ya haɗa wannan da wancan. Manhajar waya ba ta san murya ba, haruffa kawai take dubawa. Tun da Spotify ya buɗe a Kamaru da Cadi da Najeriya a 2021, matsalar da ake yawan gani ita ce mutum ya tura waƙarsa ta hannun kamfanin rarrabawa, ya wayi gari ta faɗa shafin wani mai irin sunansa. Alamar a fili take: waƙarka ce, amma hoton da ke sama ba naka ba ne. Ana gyarawa, sai dai kafin nan masu sauraro sun riga sun bi wancan.

Mu nan Kamaru da Cadi muna da ƙarin wahala, domin rubutu biyu muke yi. A ce wani yaro a Garwa ya zaɓi Autan Jauro. Ɗan Kano haka zai rubuta. Wanda ya yi makarantar Faransanci kuwa Aoutan Djaouro zai buga. Don haka binciken sau biyu ne a kowane wuri: YouTube, Audiomack, Boomplay, Spotify, Facebook da TikTok, kowanne da rubutun Hausa sannan da na Faransanci, wato u ta koma ou, j ta koma dj, sh ta koma ch. In da ɗ ko ƙ a sunan, a gwada da lanƙwasa, a gwada babu. Kuma kada a tsaya a shafin farko. Wanda ya saki waƙa biyu shekaru biyar da suka wuce ya yi shiru, shi ne ya fi haɗari, don shafinsa na nan yana jiran waƙarka. In sunan ya fito a tsakanin masu waƙar Hausa, ko a Kano ne ko Damagaram, shawarata a bar shi. Kasuwarmu ɗaya ce, ƙara Garwa a ƙarshe ba ya raba gardama kamar da.

Sai batun doka, inda mutane da yawa ke ruɗewa. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta shekarar 2000, da ta Cadi ta 2003, waƙar da littafin suke karewa, ba sunan ba. Shiga hukumomin da ke karɓar wa masu fasaha kuɗin aikinsu, wato SONACAM ga mawaƙa ko SOCILADRA ga marubuta a Kamaru, ko BUTDRA a Njamena, amfaninsa shi ne a haɗa laƙabinka da sunanka na yanka a takarda, kuɗin aikinka ya san inda zai nufa. Ga marubuciyar da ta ɓoye sunanta saboda dangi ko gidan miji, wannan takardar ce hujjarta ranar da wata ta ce littafin nata ne.

Mai son ya mallaki sunan kansa, sai ya yi masa rajistar tambarin kasuwanci a OAPI, hukumar kare mallakar fasaha da ke Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Kamaru da Cadi da Nijar, tsawon shekara 10, kuma ana sabuntawa. A cikin rukunonin rajistar, na 41 ne ya ƙunshi wasanni da nishaɗi. Ana iya neman a fara duba ko wani ya riga ka kafin ka biya kuɗin rajistar. Sai dai Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardar Yawunde tana hana wani amfani da sunan a Maraɗi, amma ba ta da ƙarfi a Yola ko Mubi. Wanda mafi yawan masu sauraronsa ke can, sai ya yi wata rajistar daban a Abuja.