Wasiƙar neman raba kuɗin haya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

"Mai gidana a Tudun Wada yana karɓar naira 360,000 a shekara, bana kuma ba ni da su a dunƙule. Wasiƙa zan rubuta masa ko in je da baki?"

Duka biyun. Shekara tara ina karɓa wa kawuna kuɗin hayar gidajensa a nan Gombe, kuma duk ƙarshen shekara sai an yi mini wannan tambayar. Ka je da ƙafarka, ka gaishe shi, ka yi bayani, sannan ka miƙa takardar da hannu biyu. Dattijon da aka aika wa yaro da ambulan zai ɗauka raini ne. Maganar baki kaɗai kuma, bayan wata huɗu kowa zai tuno ta yadda ta yi masa daɗi.

"Yaushe zan kai?"

Saura wata biyu kuɗinka ya ƙare. Wanda ya zo bayan wa'adi ya wuce ba alfarma yake nema ba, bashi ya riga ya ci.

"Me zan rubuta a ciki?"

Lambobi da ranaku. Abin da mutane suke gudu ke nan, sai su cika shafi biyu da labarin tsadar masara da kuɗin mai, kamar mai gidan ba a kasuwa ɗaya yake sayayya da su ba. Ga irin wadda na taya wani malamin makaranta rubutawa, mai albashin naira 95,000, kuɗinsa yana ƙarewa ƙarshen Disamba:

*Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne ɗan hayarka mai zaune a ɗaki biyu da falo na ɓangaren gabas. Kuɗin hayata zai ƙare ranar 31 ga Disamba, kuma ina son ci gaba da zama a kan naira 360,000 na shekara. Ina roƙon alfarmar biya sau huɗu: naira 150,000 ranar 1 ga Janairu, naira 70,000 ranar 5 ga Maris, naira 70,000 ranar 5 ga Mayu, da naira 70,000 ranar 5 ga Yuli. Jimla naira 360,000. Hayar tana nan a matsayinta ta shekara, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, biyan ne kawai aka raba. Shekara uku ke nan ina gidanka ban taɓa saɓa lokaci ba. Idan Alhaji ya amince, ina roƙon mu sa hannu a kwafi biyu a gaban shaidu. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.*

Sai suna, kwanan wata, da gurbin sa hannun mutum huɗu. Shi ke nan. Layin shekara ukun nan, in ba gaskiya ba ne gare ka, cire shi, don mai gida ya fi ka sanin tarihinka.

"Me ya sa na farkon ya fi yawa? Ba gara a raba daidai, 30,000 duk wata ba?"

Gara a wurinka. Shi mai gida abu ɗaya yake tsoro: ka zauna watannin da ba ka biya ba, ya koma yana bin ka yana sallama a ƙofar gidansa kamar baƙo. To duba lissafin malamin nan. Hayar wata ɗaya 30,000 ce, don haka 150,000 ta riga ta kai shi ƙarshen Mayu. Ranar 5 ga Maris ya ƙara 70,000, kuɗinsa ya zama 220,000, ya haura Yuli. Babu ranar da zamansa ya riga kuɗinsa. Wannan shi ne abin da za ka nuna wa mai gida da yatsa a kan takarda, kuma shi ne ya sa kawuna, wanda ba ya son jin kalmar "kaɗan-kaɗan", ya gyara zaman tabarau ya ce a kawo biro.

Ita 70,000 ɗin ba daga sama ta faɗo ba. Yana cire 35,000 daga kowane albashi, albashi biyu su ba shi biya ɗaya, ya rage masa 60,000 na cefane. Da ƙyar ne, amma yana yiwuwa. Dubu ɗari da hamsin ɗin farko kuwa kwasar adashinsa ce.

"Albashina ran 28 yake shiga. In sa 28?"

Kada ka kuskura. Ka taɓa ganin albashin da ya yi maka rantsuwa? Sa 5 ga wata mai bi, ka bar wa kanka mako guda. Ka kuma buɗe kalanda ka kauce wa makon Sallah da makon komawa makaranta, lokacin da kowane aljihu yake a huje.

"Ya ce ya yarda, amma in dai rabawa za a yi, kuɗin ya zama 400,000. In karɓa? Wani ma ya ce mini riba ce."

A nan ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, domin ya danganta da abubuwa uku, kuma na ga an yi nadama ta kowane ɓangare.

Fara da lissafi. Ƙarin 40,000 a kan 360,000 kamar kashi 11 cikin ɗari ne, ba ya tayar da hankali. Amma ai ba 360,000 aka jinkirta maka ba. Ka ba da 150,000 ranar farko, abin da ya rage 210,000 ne, wani kason wata biyu zai jira, wani huɗu, wani shida, a tsakaice wata huɗu. Ke nan 40,000 kake biya don a jira ka da 210,000 na wata huɗu, kusan kashi 19 cikin ɗari a sulusin shekara. Wannan da tsada. Sai dai kafin ka yi fushi, auna shi da kuɗin tashi: la'adar dillali, wadda galibi kashi goma ce ta kuɗin shekara, da kuɗin motar kwasar kaya, da fenti, sannan sabon mai gida zai ce shekara cif yake so, ba ya san ka. Sau da yawa tashin ya fi 40,000 ci. Shi ma mai gidan ba lallai zalunci yake nufi ba. Wataƙila da kuɗinka yake sayen taki kafin damina, ko siminti, kuma ya san farashin Janairu ba shi ne na Yuli ba. Tambaye shi cikin ladabi wane wata ya fi bukatar kuɗin. Na ga inda aka janye ƙarin gaba ɗaya don kawai ɗan haya ya matso da kason Yuli zuwa farkon Yuni, lokacin taki. In bai janye ba, nemi ragi: ka ƙara na farkon zuwa 180,000, shi kuma ya sauko da ƙarin zuwa 15,000 ko 20,000.

Na biyu, batun riba. Abin da akasarin malamai suke rarrabewa shi ne lokacin da aka yi maganar. Idan sabuwar shekara ba ta shiga ba, ana ƙulla sabon ciniki ne, mai gida ya ce a dunƙule kaza, a rarrabe kaza, kuka tsaya a kan farashi ɗaya kafin ku rabu, da yawansu suna ganin ya halatta, kamar sayen kaya bashi a farashin da ya ɗara na hannu. Idan kuwa an riga an ƙulla a kan 360,000, kuɗin ya zama bashi a wuyanka, sannan aka ce tunda ka jinkirta sai ka ƙara, wannan shi ne abin da suke kira riba. Haka sharaɗin "duk makon da ka makara, tarar dubu biyu". Akwai malaman da suka fi tsanantawa ko a na farkon, don haka ɗauki takardar ka kai wa malamin da ka yarda da shi, ka faɗa masa ranakun yadda suke, ban da kwaskwarima. Ka ga dalilin da nake ta ihun a zo da wuri ke nan.

Na uku, in ka yarda, a rubuta 400,000 a matsayin kuɗin hayar bana bisa biya sau huɗu, a kuma rubuta cewa farashin a dunƙule 360,000 ne. In ba haka ba, baɗi za a fara ciniki daga 400,000, har a nemi ƙari a kai. Wannan kam na gani da idona fiye da sau ɗaya.

"Layin nan na 'hayar tana nan ta shekara', dole ne?"

Shi ne layin da ya fi kare ka, kuma shi kowa yake gogewa wai don takarda ta yi gajarta. A ƙa'idar haya da kotunan Najeriya suke bi, in babu wata yarjejeniya daban, ɗan hayar shekara ana ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, na wata uku-uku wata uku, na wata-wata kuwa wata ɗaya tak. Kuma yadda ake biya yana cikin abin da ake dubawa don gane wane iri ne kai. Ka yi ta biya kowane wata babu takarda, ran da aka ɓata sai a ce ai ɗan wata ne.

"Ni mace ce, mijina ya rasu, mai gidan kuma sa'an mahaifina ne. Ina jin nauyin kai masa takarda."

Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, ba abin kunya kika yi ba. Ki tafi da wanki ko limamin unguwa, ki kira shi Baba a takardar maimakon Alhaji, ki ce kin rubuta ne saboda halin rai, don kada 'ya'ya su yi jayayya a bayanku. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Dattijon kirki ba zai ƙi ba. Amma lambobin naki ne, kada ki bari wanki ya yi alkawarin abin da ke za ki biya.

"Wakili ne yake karɓar kuɗin, mai gidan yana Abuja."

A matsayina na wakili nake gaya maka: yardata ba ta isa ba. A tura wa mai gidan hoton takardar ta WhatsApp, ya amsa da rubutu ko da muryarsa, ka ajiye amsar. Kowane biya kuma ka karɓi rasit mai nuna nawa ka bayar, nawa ya rage. Alat na banki yana nuna kuɗi ya fita, ba ya nuna na mene ne.

"In ranar ta zo ban haɗa ba fa?"

Kira kwana uku kafin ranar, ba bayanta ba. Kai abin da ya samu, ko 50,000 ce cikin 70,000, ka faɗi ranar cikon. Masu kashe waya su ne suka ɓata wa kowa, su suka sa masu gida suke ƙin wannan tsari.

"Baɗi ma zan iya sake roƙo?"

Za ka iya, amma me ka yi da watannin da suka rage? Malamin nan ya gama biya 5 ga Yuli, bai daina cire 35,000 ɗin ba. Albashi shida, Yuli zuwa Disamba, ya tara 210,000. Da adashinsa na 150,000 ya kai wa kawu kuɗin shekara cif ranar 2 ga Janairu, bai sake zuwa wurina neman biro ba.