Kafin a shimfiɗa kwalta a kan rufin kankare, a fara nema wa ruwa hanya

A zagayen duba tsaftar gidaje da nake yi, na taɓa shiga wani ɗaki da warin danshi ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Saman ɗakin ya yi baƙi da fumfuna, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani yaro mai asma kwance a ƙarƙashin wurin. Maigidan ya ce mini sau biyu ke nan yana sa a shimfiɗa masa kwalta a kan rufin, amma yoyo bai tsaya ba. Muka ɗora tsani muka hau. Kwana huɗu da ɗauke ruwan sama, amma ga ruwa nan kwance kewaye da gindin tanki, ya yi kore, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. Kwaltar da aka sa ba ta da laifi. Rufin ne ba shi da gangara, indararon ma ya fi tsakiyar rufin tudu.

Wannan ne abin da nake so masu gida da magina su riƙe. Aikin kwalta shi ne ta hana ruwa ratsa kankare a lokacin da yake wucewa, amma ba ita ke kora shi ba. Ruwan da ya kwana a kanta yakan bi duk wata mahaɗa yana neman rauni har ya samu. In ya shiga, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya tsage. Sauro kuwa mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, don haka kududdufin da ke kan rufi maƙyanƙyasa ce a saman kan masu barci.

Gangarar da ake so bayan an gama aiki ba ta gaza 1 cikin 80 ba, wato ƙasa ta sauka santimita 1 da kwata a kowace mita. Amma gwanayen aikin sukan auna 1 cikin 40, santimita 2 da rabi a kowace mita, saboda hannun mutum ba ya fitar da daɓe sumul, kuma kankare kan ɗan lotsa a tsakiya da daɗewa. Wanda ya auna 1 cikin 80 cif, sau da yawa kwari yake tararwa a ƙarshe.

Rufin gidan nan tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa mita 4. Da a ce an kora ruwan ta tsawon, sai bambancin tudu ya kai santimita 15. In aka bar kaurin daɓen siminti da yashi santimita 4 a bakin indararo, can ɗaya gefen sai ya kai 19, kuma wannan nauyi ne mai yawa a kan rufin da ba a gina shi don haka ba. Sai muka ba da shawarar a kora ta faɗin: mita 4 sau 2 da rabi, santimita 10 ke nan, daɓen ya tashi daga 4 ya ƙare a 14, aka kuma sauke indararo biyu a dogon gefen. Ko da hakan, sai da injiniya ya duba ya ce rufin zai ɗauka. Wajen aunawa ba a dogara da ido. A sa tiyo mai ruwa a ciki a fitar da layi ɗaya a jikin katangar rufin, a auna daga wannan layin, a ja igiya, sannan a zuba daɓe. In ya sha iska, a kwara bokiti biyu na ruwa a gefen tudu a tsaya a kalla. Duk inda ruwa ya tsaya a zagaye shi da alli a cike tun yanzu.

Gaggawa ita ke kashe aikin daga nan. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen siminti, kuma danshin da aka rufe a ƙarƙashinta, in rana ta buga, tururi yake zama ya ɗaga ta ta yi bororo. Gwajin mai sauƙi ne: a manna leda da salatif a kan daɓen, a rufe gefunanta, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, a ƙara haƙuri. Bayan ya bushe a share ƙura, a cike kusurwar da rufi ya haɗu da katanga da kwaɓin siminti kamar santimita 5 don kada shimfiɗar ta karye a lungu, sannan a shafa ruwan kwaltar share fage a bar shi har ya daina kama yatsa.

Shimfiɗar takan zo a naɗe, faɗin mita 1, tsawon mita 10, kaurin milimita 3 ko 4. Ana farawa daga bakin indararo a yi sama, domin kowane falle ya hau kan na ƙasa da shi, ruwa ya gangara ta kan mahaɗa maimakon ya tunkare ta. Gefe ya hau gefe da santimita 10, ƙarshe ya hau ƙarshe da 15. Mai riƙe da wutar gas yana narka ƙasan naɗin yana tura shi a hankali, kuma alamar ta kama ita ce a ga siririn layin narkakkiyar kwalta ya fito a bakin mahaɗar. Inda babu wannan layin, a zura bakin cokalin gini, za a ga ya shige. Inda kuwa ta ƙone har zaren ciki ya bayyana, an cika wuta, sai a yi faci. Hawa na biyu, wanda ake ɗorawa a kan na farko, a goce shi da rabin faɗi don kada mahaɗarsa ta faɗa kan ta farko, kuma ya zama mai ɓarɓashin dutse a sama, domin rana na busar da tsirarar kwalta ta tsattsage. A jikin katanga shimfiɗar ta hau aƙalla santimita 15, a cusa bakinta cikin tsagi a rufe. A ajiye abin kashe gobara kusa, kuma kada a sauka nan take bayan an kashe wuta, don wani wurin yakan ci a ɓoye.

Gindin tanki shi ne inda na fi ganin ɓarna. Tankin lita 2,000 in ya cika nauyin ruwansa tan 2 ne, kuma dole ya zauna daidai, ba a karkace ba. Saboda haka saman dandamalinsa a miƙe yake, gangarar tana kewaye da shi ne. Kada a kafa dandamalin a kan hanyar ruwa, in kuma ya zama dole, a karkata daɓen bayansa ruwa ya rabu biyu ya zagaye. A naɗe jikinsa da shimfiɗar kamar yadda aka yi wa katanga, kuma kada ƙafar ƙarfe ko bulo ya zauna kan tsirarar kwalta, sai an zuba daɓen kariya. Bututun ambaliyar tanki a kai shi har bakin indararo. Ina roƙo kuma, kada a shafa irin wannan kwaltar a cikin tankin ruwan sha, an yi ta ne don waje.

Kafin a sallami mai aiki, a toshe indararo a cika rufin da ruwa har ya rufe gefen tudu, a bar shi awa 24 zuwa 48, ana leƙa saman ɗaki ana neman tabo. Sai a buɗe a ga yadda zai fice. A gidan nan da muka koma bayan an gama gyara, ruwan ya tsiyaye cikin 'yan mintuna, wuri ɗaya ne kawai bayan dandamali ya riƙe ɗan kaɗan, aka gyara shi a ranar. Fumfunar ɗakin kuwa sai da aka kankare ta, aka jira bangon ya bushe sarai, kafin aka mayar da yaron ciki.